Hajiyarmu na shan maganin hawan jini, an haɗa mata da ibufurofen: mu tsayar ko mu jira ranar likita?

Ummu Haidar:
Assalamu alaikum. Don Allah waɗanda suka taɓa shiga irin wannan su taimaka. Mahaifiyata shekarunta 68, ta daɗe tana shan lisinofiril 10 da modiretik kullum da safe, da ƙaramin asfirin ɗin nan na 75. Gwiwarta ta dama ce ta matsa mata har sujada ta gagara, ƙanina ya karɓo mata ibufurofen 400 a kemis, sau uku a rana. Yau sati biyu ke nan. Gwiwar ta yi sauƙi sosai, amma awon da muke yi a gida ya tashi daga wajen 135/85 zuwa 158/94, kuma takalminta ya fara matse ta. Ranar ganin likitanta sai nan da sati uku. Mu tsayar da maganin ta koma sallah a kujera, ko ta ci gaba har ranar? Ita dai ta ce ba mai raba ta da shi. Kuma tana azumin Litinin da Alhamis, ga wannan zafin.

Ɗan Kurna:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya. A jiƙa mata zoɓo ba sukari, da tafarnuwa da safe. Kakata da shi ta rayu.

Maman Ikram:
'Yar'uwa kumburin ƙafar nan ba daga ibufurofen ba ne, amlodifin ne ke kawo shi. Mamana haka ta yi, idon sawunta kamar zai fashe, da likita ya rage mata daga 10 zuwa 5 ya saɓe. Ku bar ta da maganin gwiwarta.

Ummu Haidar:
Maman Ikram ai ba ta shan amlodifin, na rubuta magungunan a sama.

Sani Direba:
Hajiya Ummu ki saurare ni. Ni wannan abin ya ci min uba. Babanmu yana kan maganin hawan jini iri biyu, ɗaya mai sa yawan fitsari. Duk ranar kasuwa sai ya sayo haɗin ciwon jiki wajen wani mai tebur, ƙwayoyi huɗu biyar a ƙulle a leda, ba kwali ba suna. Ya ce in ya sha yana iya yini a gona. Da bazara ya yi gudawa kwana biyu, bai fasa shan komai ba, na asibiti da na leda duka, don ya ce likita ya gargaɗe shi kada ya tsallake rana. Sai fitsari ya ragu. Mu har murna muke wai ya huta da tashin dare. Daga nan amai, shaƙuwa da ba ta tsayawa, ya fara kiran mu da sunan mutanen da suka mutu tun tuni. Da muka kai shi aka ɗebi jini, likitan ya dube mu ya ce me yake sha banda na katinsa? Muka miƙa masa ledar. Ya ware ƙwayoyin a tafin hannunsa, ya ce wannan daikulofenak ne, wannan firoksikam, biyu masu aiki iri ɗaya a lokaci guda. Wankin ƙoda muka shiga. Gonar da yake shan maganin don ya noma ita muka sayar. Wata huɗu ya yi. Mai teburin nan har yau yana wurinsa ranar kasuwa, ina wucewa ta gabansa da mota.

Hajjo:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Abu Sadik:
Allah ya gafarta masa. Amma Malam Sani kwana ne ya ƙare, mutum nawa ke shan haɗin nan suna yawo lafiya?

Sani Direba:
Na san kwana ne. Da ka ga yadda ya wahala ba za ka rubuta min wannan ba.

Bashir Famasi:
Allah ya jiƙansa, Malam Sani. Hajiya Ummu, aikina ke nan, kuma abin da kika lissafa shi ne haɗin da muka fi tsoro ga tsofaffi. A tsayar da ibufurofen yau. Kada a tsayar ko a canja lisinofiril da modiretik da asfirin sai da izinin likita. Kuma kada ku jira sati uku.

Dalili: ƙoda tana tace jini ne da ƙarfin jinin da ke ratsa ta. Akwai jijiyar da ke shigar da jini cikin matatar, akwai wadda ke fitar da shi. Ibufurofen da 'yan uwansa suna hana jiki yin wani sinadari da ke buɗe jijiyar shigarwa, sai ta tsuke. Lisinofiril shi kuma yana sassauta jijiyar fitarwa, wanda alheri ne in shi kaɗai ne, amma yana rage ƙarfin tacewa. Modiretik kuma yana rage ruwan jiki. Kowanne shi kaɗai ƙoda na iya jurewa. In suka haɗu su uku a jikin mai shekara 68, ranar da ta yini ba ruwa a wannan zafin, ƙodar ba ta da inda za ta samo ƙarfi. Abin da ya sami mahaifin Malam Sani ke nan, gudawar ce ta ƙarasa ruwan jikinsa.

Tashin awon kuma ba abin mamaki ba ne. Ibufurofen na sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, wato yana warware aikin da modiretik ke yi, shi ya sa takalmi ya matse. Akwai kuma abin da ba a gani da ido: lisinofiril na tara fotashiyam a jini, ɗaya daga cikin magunguna biyun da ke cikin modiretik ma haka, ibufurofen ya zo ya ƙara. In ya yi yawa bugun zuciya yake rikitawa, kuma sau da yawa ba ya ba da alama. Don haka cikin satin nan a kai ta a yi gwajin jini na ƙoda, a duba kiriyatinin da fotashiyam, ku tafi da kwalayen magungunan duka a nuna. In fitsari ya ragu sosai, ko numfashi na yi mata wuya in ta kwanta, ko amai, ko ta fara ruɗewa, ko bayan gida ya yi baƙi ƙirin, wannan asibiti ne a ranar, ko da dare ne.

Mai Kemis na Layi:
Malam Bashir kuna tsorata mutane. Shekara da shekaru ina ba tsofaffi burufen ban taɓa ganin wanda ya faɗi ba. Ni dai ina ce musu su ci abinci kafin su sha, shi ke nan.

Bashir Famasi:
Cin abinci ciki yake ɗan karewa, ba ruwansa da ƙoda. Kuma wanda ƙodarsa ta taɓu ba shagonka zai dawo ba, asibiti za a kai shi, ta ina za ka gani? Kana tambayarsu ko suna shan na hawan jini kafin ka ba su?

Mai Kemis na Layi:
Wanda ya faɗa min ina ji. Ku da kuke da takarda ai ƙarfe takwas kun rufe, mu ake bugawa ƙofa ƙarfe ɗayan dare.

Hajjo:
Wannan kam gaskiya ya faɗa. Amma ni tsakanin mai shago da wanda ya karanta, a kan uwata na san wanda zan bi.

Ɗan Kurna:
Matsalar ba maganin ba ce, wa zai iya ƙwace shi daga hannun Hajiya? Tsohuwarmu a cikin kwallar kayan aurenta take ɓoye nata, sai ka nemi sojoji 😂

Ummu Haidar:
Wallahi ka gano ta. Malam Bashir na gode. To gwiwar fa? In na ɗauke wannan dole in ba ta wani abu, in ba haka ba aike za ta yi a sayo mata a ɓoye.

Anti Nas:
Farasitamol, ƙanwata, amma a sha shi a kan tsari. Mutane na cewa ba ya aiki don suna shan ɗaya sai ciwo ya yi tsanani. Ƙwaya biyu ta 500, safe da rana da dare, tsakani aƙalla awa huɗu zuwa shida. Iyakar babba mai lafiya ƙwaya takwas a yini, amma tsohuwa, balle in ba ta da jiki, ni ba na wuce shida. Ki guji wanda ake jefawa a ruwa yana kumfa, yana da gishirin sodiyam da yawa. Ki kuma karanta bayan kwalin duk maganin ciwon jiki ko na mura da za a shigo da shi, akwai kafso da yawa da ke da ibufurofen a ciki an haɗa da farasitamol da kafeyin, mutum ya ɗauka wani magani ne daban. Sannan akwai daikulofenak na shafawa, kaɗan ne ke shiga jini in aka gwada da na haɗiya, kuma gwiwa na karɓarsa. Ki ɗumama ruwa ki gasa mata kafin asuba.

Bashir Famasi:
Na shafawar ni zan fi so a ga sakamakon gwajin tukuna, Anti. In ƙodar ta riga ta taɓu, ko kaɗan ɗin ba na so.

Anti Nas:
A ɗakinmu muna ba masu hawan jini shi kullum, a gwiwa ɗaya, ba mu ga matsala ba. Amma to, jiran kwana biyu ba zai kashe kowa ba. Azumin nafilar dai a roƙe ta ta ɗaga har a ga likita. Asfirin ɗin ma dalili ne na tsayar da ibufurofen: shi da ibufurofen tare suna ƙara haɗarin zubar jini a ciki, kuma ibufurofen na iya tare masa aikin da aka ba ta shi dominsa.

Ummu Haidar:
Nawa ake gwajin yanzu?

Maman Ikram:
Dubu biyar na biya wa Mama a asibitin gwamnati.

Abu Sadik:
Yaushe rabonki da zuwa? Ni dubu goma sha biyu aka caje ni a wani lab watan jiya.

Maman Ikram:
Lab na kuɗi ka je ai. Amma a na gwamnatin sai da muka koma washegari wai injin ba wuta.

Sani Direba:
Ko dubu hamsin ne ki biya. Wankin ƙoda ba sau ɗaya ake yi ba, sau uku a sati ake so.

Hajjo:
Ni abin da ke ci min rai, shekara nawa iyayenmu na zuwa asibitin hawan jinin nan, wa ya taɓa zaunar da su ya ce kada ku sha kaza? Babata tun bayan asuba take kama layi, sai azahar ta shiga, likita bai ɗago kai ba ya rubuta "ci gaba da magani" ya ce mai bi. Ta ce masa bayanta na ciwo, ya ce wannan ba layinsa ba ne, ta yanki wani kati. Ina za ta je in ba kemis ba?

Anti Nas:
Hajjo ki zo ki ga yawan katin da ke gaban likita ɗaya ranar asibitin kafin ki yi masa hukunci. Rabin waɗanda muka fara aiki da su sun bar ƙasar.

Ummu Haidar:
Na ɗauke kwalin, tana fushi ba ta amsa gaisuwata ba. Yayanmu kuma ya kira ya ce wa ya ba ni izinin canja mata magani da maganar mutanen waya, a jira likitanta. Gobe dai zan gwada kai ta gwajin in ya bar ni da motar.

Hajjo:
To Anti, ko takarda ce a liƙa a bangon da suke zaman jira mana, da Hausa da ajami. Awa shida suna kallon bangon nan ba komai a jiki sai sanarwar kuɗin kati.