Neman shawara: bayanin zanen mayaƙin almara daga hoton abokina

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina shirya wani labarin almara mai zane, kuma ina so in rubuta wa mai zanen da zai yi mini aiki cikakken bayanin jarumin. Na ɗauki hoton abokina a tsakar gida da hantsi, yana riƙe da taɓarya da hannu biyu, ƙafar hagu a gaba, ya ɗan karkata jiki. Abin da na rubuta shi ne: "Jarumi mai lifidi da sulke da kwalkwali, riƙe da takobi da garkuwa, a gaban ganuwa cikin hazo." Mai zanen ya ce bayanin bai dace da hoton ba. Me ya kamata in gyara?

Amsa ta farko, daga mai zanen littattafan yara: Wa alaikumus salam, Malam. Mai zanenka yana da gaskiya, kuma matsalar ta fara ne daga hannuwan abokinka. Takobin ƙasar Hausa miƙaƙƙe ne mai kaifi biyu, kuma mariƙinsa gajere ne, hannu ɗaya kawai yake ɗauka. Mutumin da ya kama taɓarya da hannu biyu, da tazara tsakaninsu, tsayuwar mai mashi ya yi ko ta mai dogon gatari, kuma babu hannun da ya rage masa na riƙe garkuwa. Idan aka cusa takobi a wannan tsayuwa, hannu ɗaya zai kasance a kan kaifi, ko kuma ya rage yana lilo ba tare da aiki ba. Saboda haka ko dai ka sake ɗaukar hoto da gajeriyar sanda a dama da faifai a hagu, ko kuma ka bar hoton yadda yake ka mayar da makamin mashi. Ni da zan zaɓi na biyu, domin karkatar jikin da nauyin taɓarya ya haifar ita ce abu mafi daraja a hotonka, kuma da wuya a ƙago ta da ka. Takobin ya koma kube, a rataya shi da hamila daga kafaɗar dama zuwa kwiɓin hagu, garkuwar kuma a goya ta a baya yadda gefenta kawai zai leƙo.

Sai batun lifidi. Tarihin sarakunan Kano ya danganta shigowar lifidi da sulke da kwalkwali ga zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, amma duk wanda ya kalli 'yan lifida a Hawan Daushe ya san cewa kayan mahaya ne, masu kauri saboda audugar rimi da ake cusawa a ciki. Idan ka sanya shi a kan mai tafiya a ƙasa, zai haɗiye kafaɗa da ƙugu da gwiwa, tsayuwar da ka ɗauki hoto dominta ta ɓace. Akwai gwaji mai sauƙi: ka roƙi mai zanen ya cike siffar jarumin da baƙi ƙirin tun kafin ya fara ado. Idan har yanzu ana gane inda ƙafar gaba take da inda mashin ya dosa, kayan sun yi daidai. Idan ya zama dunƙule ɗaya, sai a rage. Sulke ya fi dacewa a nan, domin yana bin jiki, nauyinsa yana sauka a kafaɗu, ɗamara kuma tana tattare shi a ƙugu har ya ɗan yi jaka a samanta.

Amsa ta biyu: Ɗan'uwa, ni ina ganin tunda almara ce, ba a bukatar wannan takatsantsan. Ka ƙara masa layu da guru da kambu, da gashin jimina a kwalkwali, da kwari da baka, da wuta a bakin mashin. Yawan kaya shi ne yake nuna cewa jarumi ne ba dogari ba.

Mai amsa ta farko: Layu da kambu shawara ce mai kyau, domin suna gaya wa mai kallo abin da jarumin ya dogara da shi, amma ban yarda da tara komai ba. Kwari da garkuwa ba za su zauna a baya ɗaya ba, kuma idan kowane sashe na jiki ya cika da ado, ido ba zai san inda zai tsaya ba. A zaɓi abu ɗaya da ya saɓa wa duniyarmu, misali bakin mashin da yake haske kamar garwashi, a tara adon a kai da ƙirji, a bar ƙafafu da sauƙi.

Amsa ta uku: Malam, idan na fahimce ka, kana so a cire bayan hoton ne a sa ganuwa. Wannan ai masu gyaran hoton biki suna yi cikin ɗan lokaci, ni ma an yi mini da hoton ɗaurin auren ƙanena.

Mai tambaya: Na gode, Yaya, amma sabon zane ne za a yi da hannu, hoton madogara ce kawai ta tsayuwa. Abin da ya rage mini shi ne hazon da ganuwar.

Amsa ta huɗu, daga mai ɗaukar hoto: A nan ma akwai saɓani. Ranar hantsi tana ba da inuwa mai kaifi a ƙarƙashin haɓa da hammata, shi kuwa hazon hunturu yana kashe inuwa, ya mayar da rana fari-fari. Idan mai zanen ya kwafi inuwar hoton sannan ya shafa hazo a ko'ina, jarumin zai fito kamar an yanko shi an manna. Mafita ita ce a tura hazon baya, ya dusashe ganuwar da abin da ke bayanta, a bar jarumin cikin hasken da hoton ya nuna, kuma ka faɗi a rubuce ta wane gefe ranar take. Ka kuma duba tsayin da ka riƙe wayar. Idan a daidai ƙirjinka ne, layin da ƙasa ta haɗu da sama zai ratsa ƙirjin abokinka, kuma dole ganuwar ta bi wannan layi. In kana son ya yi kwarjini, ka durƙusa ka ɗauka daga daidai gwiwa, amma ka ja baya kamar taku huɗu ko biyar, domin wayar da ta matso kusa tana kumbura ƙafar gaba ta ƙanƙantar da kai. Da ni ne, ga yadda zan rubuta:

"Mayaƙi a ƙasa, tsayuwa kamar ta hoto, nauyi a ƙafar hagu. Mashi da hannu biyu a madadin taɓarya, bakinsa yana jan haske. Sulke zuwa tsakiyar cinya a kan riga mai launin baba, ɗamarar fata, kambu a damtsen dama, takobi a kube da hamila, garkuwa a baya. Rana daga hagu, inuwa zuwa dama. A baya, ganuwar jar ƙasa da ƙofa ɗaya, dutse mai shimfiɗaɗɗen kai irin Dala can nesa cikin hazo. A fara turo ƙananan zane uku na baƙi da fari kafin launi."

Amsa ta biyu kuma: Kun manta da kwalkwalin, kuma shi ne zai nuna ko fuskar abokin za ta fito. Ni ina ganin a rufe ta da amawali, ido kawai ya rage.

Mai amsa ta farko: Ni kuwa na fi son a bar ta a buɗe, domin cije leɓen mai ɗaga abu mai nauyi yana cikin abin da hoton ya kama. Sai dai wannan ba hukuncinmu ba ne. Malam, ka tambayi abokinka ko ya yarda a gane shi, musamman idan jarumin zai aikata abin kunya a cikin labarin.

Mai tambaya: Zai ci amanar sarkinsa a tsakiyar labarin, don haka zan tambaye shi yau da daddare. Mashin dai na karɓa, kwalkwalin kuma zan jira amsarsa.