Wace kalma za mu sa wa `Lock` na manhajojin ajiya?

Malama Hadiza: Ina neman kalmar Hausa ta maɓallin da ake rubuta wa `Lock` a manhajojin ajiyar kuɗi, wanda ke hana mutum cire kuɗinsa sai ranar da ya ɗiba wa kansa. Na ga ana cewa "asusun kulle", amma hankalina bai kwanta da ita ba, domin mai jin kulle zai ɗauka tsaro ake nufi.

Malam Sani: Ai tsaron ne, Malama. Idan ɓarawo ya sauya layinki ya sami lambar sirri, zai kwashe abin da ke cikin kuɗin waya nan take, amma wanda aka kulle ba zai taɓu ba.

Alhaji Bello: Ka faɗi rabin gaskiya, Malam Sani. Jinkirin yana iya tare ɓarawo, to amma ba ya kare mai kuɗi idan kamfanin ne ya durƙushe. A tsarin kuɗin waya irin na M-Pesa, wanda aka fara a Kenya a 2007, ana ajiye kwatankwacin kuɗin mutane a banki, cikin asusun amana da aka raba da dukiyar kamfani. Manhajar ajiya kuwa juya kuɗin take yi, ta sayi takardun bashin gwamnati ko ta bayar da rance, kuma daga nan ribar take fitowa. Saboda haka abin bincike shi ne wace hukuma ta ba ta lasisi, kuma ko inshorar ajiya ta shafi kuɗin. Ni "ajiyar wa'adi" nake ba da shawara, tun da lokaci kaɗai aka ɗaure. Na kuɗin waya kuma mu ce "lalitar waya".

Hajiya Rabi: Ni dai kullen bai hana ni komai ba. Na ajiye 100,000 na wata 6 a kan ribar kashi 10 cikin 100 a shekara, wato 5,000 nake jira. A ƙarshen wata na 4 na danna `Break`, maɓallin fasa kullen kafin ranar ta cika, na rasa ribar kusan 3,300 da ta taru, aka kuma cire tarar 2,000. Abin da ya shigo lalitata 98,000 ne, kuma cikin mako 2 ya zurare, domin ina ta turawa kaɗan-kaɗan, kowace turawa da ladanta.

Alhaji Bello: To, Hajiya, labarinki ya ƙara nuna raunin "kulle", domin ƙofar da take buɗewa idan an biya tara ba a kulle take ba. Wa'adi kuwa ana iya saɓa shi a ɗauki hasara.

Malama Hadiza: Na karɓi "ajiyar wa'adi", Alhaji, sai dai akwai manhajojin da ba sa sakin kuɗi ko da tara kafin ranar ta cika. Shin kalma ɗaya za ta ɗauki nau'in biyu, ko mu bar wa wannan "kulle" ɗin da Malam Sani yake karewa?