Masu saye sun ƙi kati, sai tiransifa: yaya kuke gane kuɗin wa ya shigo?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina sayar da hijabai da abaya daga Kano, bara aka buɗe mini shafin saye da sayarwa har da wurin biya da kati. Amma da mace ta zaɓi kaya ta ga an ce ta sa lambar katinta, sai ta fita ta biyo ni WhatsApp: "Anti, turo akawun." Ni ba na ƙin tiransifa, abin da ke wahalar da ni shi ne haɗa kuɗi da mai shi. Ranar Laraba mutum huɗu suka yi odar abaya ta N18,500, alat uku suka shigo. Ɗaya da sunan namiji, ɗaya da sunan shagon mai POS, ɗaya ce kawai sunanta ya yi daidai da na oda. Dukansu huɗun kuma kowace ta turo hoton rasit. Har sha ɗayan dare ina zaune da waya biyu ina gwada lokaci da lokaci. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mini yadda ya yi.

Abban Sadik: Hajiya, ni na sha wannan ɗacin. Wani ya sayi shadda ta N64,000, ya turo rasit mai kyau, har saƙon alat ya shigo wayata da sunan bankina. Na ba mai keke kaya ya kai tasha. Da yamma na buɗe manhajar banki, ko sisi bai ƙaru ba. Da na koma na duba saƙon a natse, sai na ga bai faɗo cikin jerin tsofaffin saƙonnin bankin ba, kuma ragowar kuɗin da aka rubuta a ƙasa ba tawa ba ce. Tun ranar ba na duba rasit, ba na duba saƙo. Sai na shiga manhaja na ga kuɗin a jerin abin da ya shigo, sannan kaya su fita. Yaron shagona ma haka na gaya masa, ko mai saye zai rantse da Alƙur'ani.

Amma kada ki yi saurin cewa ta huɗun ɓarauniya ce. Akan cire wa mutum kuɗi su maƙale a hanya. Ki ce ta turo miki `Session ID` na tiransifar, doguwar lamba ce mai alƙaluma 30. Da ita za ta je bankinta su bi sawu. Mai gaskiya nan take take turowa.

Ummi Zariya: Abu mai sauƙi ne, Anti. Ki ce kowa ya rubuta lambar odarsa a wurin bayani lokacin turawa. Shi ke nan.

Maman Ilham: Na gwada, Ummi. Wadda ta tura da hannunta takan rubuta. Wadda mijinta ya tura daga ofis, ko ta ba ƙaninta kuɗi ya kai wa mai POS, ba ruwansu da wani bayani. Su ne kuma suka fi yawa.

Malam Nura: Ni dabarar da nake yi a shagon littattafaina ita ce canza wutsiyar kuɗin. Oda ta bakwai a ranar, maimakon N18,500 sai na ce a turo N18,507, ta takwas N18,508. Ko sunan wa ya fito, da na ga bakwai ɗin na san mai shi. Inda take ba ni matsala, wasu sukan ga kamar kuskure ne su turo cikakken N18,500, wasu kuma su cika shi N18,600 don kirki.

Injiniya Bash: Aikina ke nan, ina haɗa wa ƙananan shaguna hanyar biya. Hajiya, wanda ya yi miki shafi kati kawai ya kunna. Kamfanoni irin su Paystack da Flutterwave da Monnify duk suna karɓar tiransifa. A Paystack misali, idan mai saye ta zaɓi tiransifa, za a nuna mata lambar akawun ta wucin gadi wadda aka buɗe don wannan odar kaɗai. Ta tura daga bankinta, ko OPay, ko PalmPay, ko ta ba mai POS lambar. Sunan mai turawa ya daina damun ki, domin akawun ɗin ne shaidar odar. Ki ce a sa tiransifa ta zama zaɓi na farko a shafin.

Ga lissafin abayarki. Kuɗin aikin da Paystack suka wallafa na biyan cikin gida shi ne kashi 1.5 cikin ɗari da ƙarin N100, ba a karɓar ɗarin idan ciniki bai kai N2,500 ba, kuma duk girman ciniki ba ya wuce N2,000. A N18,500 za a cire N377.50, ki samu N18,122.50. Kuɗin kuma ba nan take suke shiga asusunki ba, sai washegari idan ranar aiki ce.

Abu biyu ki gaya wa mai kula da shafin. Kada ya rufe oda don kawai mai saye ta danna cewa ta tura. Ya jira sanarwar `charge.success` daga kamfanin, ya tabbatar da sa hannun da ke `x-paystack-signature`. Sannan ya gwada adadin da aka biya da na oda, ya tuna da kwabo ake lissafi: N18,500 zai zo masa a matsayin `1850000`. Na taɓa gyara shafin da bai duba adadi ba, duk abin da aka biya sai ya rubuta an biya.

Abban Sadik: Injiniya, jiran washegarin nan ne ya hana ni. Cinikin Juma'a sai Litinin, ni kuwa Asabar nake sari a Kwari da kuɗin jiya. Ribata a kan shadda ɗaya ba ta da kaurin da zan riƙa yanke mata sama da dubu.

Injiniya Bash: Gaskiyarka ce, Alhaji. Mai oda biyar a rana da manyan kuɗi, duba manhaja ya ishe shi. Mai oda talatin masu farashi iri ɗaya shi ne abin ke yi wa amfani. Wata matsalar kuma, lambar wucin gadin tana mutuwa bayan ɗan lokaci, amma masu saye sukan adana ta su sake turawa wani satin. Dole a rubuta ɓaro-ɓaro cewa ta yau ce kawai.

Ɗan Baba: Ku sayi na'urar POS kawai, ni ita nake amfani da ita a shagona.

Ummi Zariya: Yaya, masu sayenta suna Kaduna da Abuja, ba a gabanta suke ba.

Hajiya Rabi Maraɗi: Mu nan Nijar wani salo ne. Turaren wuta nake saidawa, mutanena da Airtel Money suke biya, ko su je Nita ko Amana su aiko. Saƙo yakan zo da lambar wayar wanda ya aiko, shi ya sa nake karɓar lambar da za a biya da ita tun lokacin oda. Rigimarmu kuɗin cirewa ce. Kaya na jika goma, ta aiko jika goma cif, in na je karɓa a yanke. Yanzu na shigar da shi cikin farashi, ban ƙara cewa kowa ya ɗora komai ba. Waɗanda ke Katsina kuwa har yau ta hannun ɗan canji muke yi, ban samu wata hanya ba.

Malam Nura: Maman Ilham, ki duba matakin asusun da kike karɓa da shi kafin cinikin sallah. Na matakin farko ba ya riƙe sama da N300,000. Nawa ya taɓa cika ban sani ba, mutane na ta cewa kuɗi sun ƙi tafiya, ni ina zaton netwok ne.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ta huɗun ta turo lambar, da safen nan kuma kuɗinta suka dawo mata ta sake turawa, na ji daɗi da ban faɗa mata magana ba. Zan sa a kunna tiransifar a shafi. Abin da ban yanke ba shi ne tsofaffin kwastomomina da suka haddace akawuna. In na ce su koma shafi, wasu za su ga kamar na daina yarda da su ne. Injiniya, akwai yadda zan tura musu hanyar biya ta cikin WhatsApp ɗin ba sai sun shiga shafi ba?