Kalmar tanadi a fassarar takardun kuɗi: yadda kowa ya tsara kundin kalmominsa

Mai buɗe zance:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu fassara. Ina so mu tattara abin da kowa ya gani a wajen aikinsa game da haɗa kundin kalmomin kuɗi, kuma zan fara da abin da ya same ni. Wani kamfani ya ba mu takardu 14 mu mayar da su Hausa, daga rahoton shekara zuwa yarjejeniyar bashi da sanarwa ga masu hannun jari, muka raba aikin mu uku. Mun yi kundi tun farko, amma shafi biyu ne kawai, kalmar Turanci a hagu, ta Hausa a dama. A cikinsa `provision` da `reserve` duka mun ba su "tanadi", domin babu wanda ya ga illar hakan a lokacin. Da aka zo rubuta taƙaitaccen bayani da Hausa, mai rubutun ya ga tanadi na miliyan 120 a wani wuri, da tanadi na miliyan 40 a wani, sai ya haɗa ya rubuta cewa kamfani yana da tanadin miliyan 160. Akantan kamfanin ne ya dawo mana da takardar. Yaya kuke tsara naku kundin don kada irin wannan ta faru?

Tsohon akanta da ya koma fassara:

Wa alaikumus salam, Malama. Kuskuren ba na mai taƙaitawa ba ne, kundin ne ya jefa shi. Waɗannan adadi biyu ba sa zaune a ɓangare ɗaya na lissafi. Miliyan 40 ɗin, wato `provision`, nauyi ne da ya riga ya hau kan kamfani, sai dai ba a tabbatar da ranar biyansa ko ainihin adadinsa ba, kamar diyyar shari'ar da ake ganin kamfanin zai sha kaye a cikinta, kuma haka ƙa'idar lissafin kuɗi ta ƙasa da ƙasa IAS 37 ta ɗauke shi. Wurinsa yana cikin basussukan da ake bin kamfani. Miliyan 120 ɗin kuwa, wato `reserve`, yana cikin haƙƙin masu hannun jari. Wanda ya haɗa su ya haɗa abin da za a biya da abin da aka mallaka.

Saboda haka ni ba na buɗe layi a kundi don kalma, sai don ma'ana. Kowane layi yana ɗauke da kalmar asali, da fassarar da aka amince da ita, da ɓangaren rahoton da take zama, da jimla guda da na ciro daga takardar kamfanin kanta, sannan da fassarar da aka hana. Wannan shafi na ƙarshe shi ne ya fi yi mini aiki. Ku lura kuma cewa `provision` tana da ma'ana ta biyu a cikin yarjejeniya, wato abin da wani sashe ya tanada, kuma a nan "tanadi" daidai take. Ga yadda nake taƙaita su a `glossary.txt` na manhajar fassara ta OmegaT, inda shafuka uku ne kawai, ana raba su da `Tab`:

```
provision	nauyin biya da aka ƙiyasta	rahoton kuɗi; kada a ce tanadi
provision	tanadin yarjejeniya	takardun shari'a kawai
reserve	keɓaɓɓen asusun masu jari	kada a ce tanadi ko ajiya
```

Na hana "ajiya" ne saboda na riga na ba da ita ga kuɗin da abokin ciniki ya ajiye a banki.

Wani mai fassarar rahoton shekara:

Na yarda da raba su, Malam, amma fassararka ta `reserve` ta yi tsawo, kuma ba za ta shiga cikin jadawali ba. Mu a wajenmu mun ce "ribar da aka keɓe", kowa ya gane nan take, tun da dai kuɗin daga riba ake cire shi.

Tsohon akanta:

Taka ta fi daɗin karatu, kuma ta dace da wanda aka ware daga riba. Amma akwai wanda ke tasowa idan aka sake kimanta darajar gini ko fili aka ga ta ƙaru, alhali ba a sayar da komai ba, ba a kuma sami ko kwabo a hannu ba. Idan ka kira wannan riba, mai hannun jari zai tambayi rabonsa. A maganar tsawo kuwa kana da gaskiya, kuma har yau ban sami gajeren da ya gamsar da ni ba.

Sabon shiga aikin:

Ni a ganina da an sayi ƙamus mai kyau na Turanci da Hausa an raba wa kowa, da an huta. Ko kuwa ƙamus ɗin kuke nufin za ku wallafa?

Mai tace fassara:

A'a, ɗan'uwa, ƙamus yana jera maka duk abin da kalma za ta iya nufi, wannan kundin kuwa yana zaɓar guda ɗaya ne ya ɗaure kowa a kanta a takardun kamfani ɗaya.

Abin da ya wahalar da ni daban ne. Mun gyara kundinmu tsaf, amma tsohuwar kalmar ta ci gaba da fitowa. Dalili shi ne rumbun da manhaja ke adana jimlolin da aka taɓa fassarawa. Rahoton bana yana maimaita jimlolin na bara da yawa, manhaja ta kawo su a matsayin masu dacewa ɗari bisa ɗari, mai fassara ya amince ba tare da ya karanta ba. Yanzu duk ranar da muka sauya kalma a kundi, a ranar nake binciken rumbun in gyara kowace jimla. Binciken ma yana da tarko, domin wanda ya nemi "keɓaɓɓen" ba zai ga inda aka buga "kebabben" ba, kuma manhajar da ke duba bin kundi takan yi ƙorafi a kan "ribar" ko "kadarori" don ita "riba" da "kadara" ta sani. Dole na shigar da jam'i da siffar mallaka na kowace kalma da hannu, in ba haka ba ƙorafin ƙarya ya yi yawa har mutane su daina kula shi.

Mai buɗe zance:

Wannan na rumbu ban taɓa tunaninsa ba, Malama, kuma ina zargin namu cike yake da "tanadi". To, takardun da aka riga aka miƙa fa, kuna komawa ku gyara su?

Mai tace fassara:

Rahoton da aka riga aka wallafa ba ma taɓa shi. Muna rubuta ranar sauyi a kundi, mu kuma gyara sunan layin a adadin bara da ake kawowa don kwatanci cikin sabon rahoto. Ƙa'idar IFRS 18 da aka fitar a 2024 za ta fara aiki a kan rahotannin shekarar da ta fara daga 1 ga Janairu 2027, kuma ta tsayar da abin da ake nufi da `operating profit`, don haka na riga na sa alama a wannan layin.

Tsohon akanta:

A nan ban bi ki gaba ɗaya ba. Idan sanarwa ta fita tana faɗa wa mutane cewa tanadi miliyan 160 ne, wannan kuskuren adadi ne, ba sauyin salo ba, kuma ni zan nemi kamfanin ya sake fitar da ita. Ke kuma Malamar da ta buɗe zancen, kafin ki kafe waɗannan layuka uku, ki tura wa akantan da ya kama kuskuren ya sa hannu a kansu.