Ina neman shawara kan tsarin takardar shaidar kammala hadda

Assalamu alaikum. An ɗora mini aikin tsara takardar shaida ga ɗaliban Islamiyyarmu da suka kammala haddar Alƙur'ani, kuma na maƙale a wajen hatimi. Takardar A4 ce a kwance, wato faɗin milimita 297 da tsayin 210, na kuma bar milimita 10 a kowane gefe, amma da muka buga gwaji sai injin ya yanke layin adon da ke ƙasa, alhali na sama ya fita lafiya. Da na matsar da adon zuwa milimita 15, sai wurin ya ƙuntata, har hatimin makaranta mai faɗin milimita 40 ya hau kan layin sa hannun shugaban makaranta.

Shin ya dace in mayar da hatimin tsakiya, tsakanin sa hannu biyu, ko kuwa a ƙa'ida dole ne ya taɓa sa hannun? Sunan ɗalibi kuma na yi shi da manyan baƙaƙe masu kauri, har ya danne sunan makaranta, wanda a ganina bai kamata ba, sai dai idan na rage shi, sunaye masu tsawo ne kaɗai ke cika layin. Wane girma kuke ba shi? Haka nan ina son jin ko "An ba da wannan shaida ga" ya isa lafazin hukuma.