Madogarin da ke ɓallewa a kwana: ta wane gefe ake kwantar da shi?

Sa'adu (Tawa): Salamu alaikum ƴan zaure. Na buga madogari mai siffar L a injin bugun 3D da robar PLA don rataye bantilatar caji a bangon shago. Hannun santimita 8 ne, faɗi milimita 20, kauri 5, bantilatar kuma za ta kai kilo 2. Ya ɓalle daidai kwanar da hannu ya haɗu da baya. Na kai ciko 100% na sake bugawa, nan dai ya sake karyewa. Wace filama, wato zaren robar bugu, kuke ba ni shawara in saya?

Bashiru: Wa alaikumus salam. PETG kawai, Sa'adu. PLA ba ta zafin ƙasarmu ba ce, daga wajen digiri 60 take fara laushi. Shago mai rufin kwano a watan Afrilu kam ba sai an faɗa ba.

Injiniya Hadiza (Yamai): Ƙanena, kafin ka kashe kuɗi, duba wurin da ya karye ka faɗa mini. Shafe yake sumul kana ganin zanen zare a kai, ko kaca-kaca ne ya yi fari-fari? Kuma wane gefe ka ɗora a kan faranti?

Sa'adu (Tawa): Sumul ne, Yaya, kamar an yanka da reza. Bayan da ke manne wa bango na kwantar, hannun ya tashi sama tsaye. Na ga haka ba ya buƙatar tokara, kuma ramukan bis suna fita da kyau.

Injiniya Hadiza (Yamai): To ba filama ce ta karye ba, shimfiɗa ce ta rabu da ƴar'uwarta. Injin yana zuba zare hawa-hawa. A cikin hawa ɗaya zaren a haɗe yake tun daga farko har ƙarshe, amma tsakanin hawa da hawa mannewa ce kawai ta robar da ta zubo da zafi a kan wadda ta fara hucewa. Mai faskare ya san wannan: ice yana tsagewa cikin sauƙi idan aka bi jijiyarsa, a gicciye kuwa sai an sha wuya.

Da ka tsayar da hannun, gindinsa ya zama mahaɗar hawa biyu. Ka kafa shi a bango, ka rataya kilo 2 a baki, saman gindin nan ake ja, kuma jan yana ɓamɓare hawa daga hawa kai tsaye. Ga lissafin, kilo 2 kusan 20 N ne:

```
M = 20 N × 80 mm = 1600 N·mm
W = b·t²/6 = 20 × 5² / 6 ≈ 83 mm³
σ = M/W ≈ 19 MPa
```

Wato jan da ke kan gindin ya kai wajen 19 MPa. PLA tana ɗaukar wajen 50 MPa idan an ja ta ta tsawon zare. Tsakanin hawa kuwa sau da yawa rabin haka ake samu, ko ƙasa idan zafin bugu bai isa ba. Ga kwana mai kaifi da ke tara nauyi wuri guda, ga girgizar bantilata. Shi ya sa ya tafi.

Kwantar da shi a gefensa, yadda idan ka leƙo daga sama za ka ga harafin L a kan faranti. Tsayin bugun zai zama milimita 20 ɗin nan. A kowane hawa zaren zai taso daga baya, ya sha kwana, ya bi hannun har baki ba tare da yankewa ba.

Malam Issufu: Ni abin da na riƙe tun da na fara shi ne kada layukan su bi hanyar da nauyi ke bi. Idan ya kwantar da shi a gefe, ai layukan sun bi tsawon hannun ke nan. Ba a saɓa ba, Injiniya?

Injiniya Hadiza (Yamai): Malam, maganarka tana da wurinta. Idan nauyi yana tura rabin abu ya zame a kan ɗaya rabin, kamar fegin da aka buga a tsaye aka danne shi ta gefe, to tsagar za ta bi layin hawa, wannan gaskiya ne. Amma jan da ya bi tsawon zare shi ake so. Ni ba kibiyar nauyi kaɗai nake dubawa ba. Nakan tambayi kaina ina abin nan zai tsage in zai tsage, sannan in duba ko wannan tsagar ta kwanta daidai da hawa. A madogarin Sa'adu tsagar tana yanke gindin hannu a gicciye. A tsaye ta dace da hawa ɗaya cif. A kwance a gefe sai ta tsinka zaren kowane hawa kafin ta wuce.

Ramatu: Ni ma nawa yana ɗagowa daga faranti ta kusurwa tun bugu bai yi nisa ba. Juya shi zai gyara?

Bashiru: Naki daban ne, Ramatu, na mannewa da faranti ne. Goge ƙura da alkol ki sa `Brim`, wato siririn gefen da ake bugawa kewaye da gindin abin don ya riƙe faranti.

Sa'adu (Tawa): To cikon 100% fa, Yaya? Na ɗauka shi ne ƙarfi.

Injiniya Hadiza (Yamai): A lanƙwasa, fatar waje ce ke ɗaukar kusan komai, tsakiya tana hutawa. Ƙara zagayen gefe ya fi: `Wall Line Count` a manhajar Cura ko `Perimeters` a PrusaSlicer, ka kai 5, ciko 30% ya isa. In ka iya taɓa zanen, kai kauri milimita 8, lissafin nan zai sauko wajen 7,5 MPa, domin a lissafin ana ninka kauri da kansa. Ka kuma cike cikin kwanar da lanƙwasa mai radiyus 5 ko 6.

Malam Issufu: Akwai abin da ba a faɗa ba. Na yi irin wannan na ɗora akwatin wifi. Da ka kwantar a gefe, ramukan bis suna zama a kwance, samansu yakan ɗan zubo, sai an bi da ƙusar huji. Babbar matsalar ita ce bis mai kai kamar mazurari. Kana ɗaure shi yana buɗa hawa biyu, sai ka ji ƙas, bayan ya tsage ta tsawonsa daga rami zuwa rami. Sa mai shafaffen kai da rondel, kada ka matse da ƙarfi.

Injiniya Hadiza (Yamai): Wannan haka yake, Malam, na gode. Kowace kwanciya tana barin gefe ɗaya mai rauni, sai dai a zaɓi wanda nauyi bai kai masa ba. A bar aƙalla milimita 6 na roba kowane gefen rami.

Bashiru: Duk da haka ina nan kan PETG. Ko ya kwantar daidai, PLA da ke ɗauke da kaya dare da rana cikin zafi tana sunkuyawa a hankali. Ba za ta karye ba, amma hannun zai duƙa.

Injiniya Hadiza (Yamai): Ban musa ba, Bashiru. Sai dai PETG da aka buga a tsaye ita ma a gindin nan za ta rabu. Tunda PLA ce a hannunsa, ya fara juyawa, ya ɗaga zafin bakin injin zuwa digiri 215, ya rage iskar sanyaya kaɗan don hawa su kama juna. Ya ja layi da fensir a bango daidai bakin hannun. In bakin ya sauka ƙasa da layin bayan ƴan makonni, zafi ne, ya sayi PETG.

Malam Issufu: Ni da ni ne, tokara mai kusurwa uku zan ƙara a ƙarƙashin hannun, a huta da gardamar filama.

Sa'adu (Tawa): Tokarar za ta tare ramin bis na ƙasa, Malam, sai na matsar da shi. Bari in fara da kwanciyar gefe da kauri 8 in kuran ya dawo. Yaya Hadiza, radiyus 6 ɗin ta ciki kawai, ko har ta wajen kwanar?