Tambaya kan bambancin juriya a taransfoma mai 33/11 kV

Assalamu alaikum, injiniyoyi. Ina neman shawararku kan taransfoma Dyn11 ta wata masana'anta a Sharada, mai sauya tap tana kan aiki.

Bayan man ya huce, mun auna juriyar naɗin waya a ɓangaren 33 kV, muna jiran kowane awo ya daidaita. A matakai 2, 4 da 6 layukan uku sun yi daidai cikin 1%, amma a 1, 3 da 5 awon 1U-1V ya haura sauran da kusan 4%, kuma zagaya matakan sau da yawa bai sauko da shi ba. Gwajin TTR bai wuce 0.5% a kowane mataki ba.

Zargina ya fi karkata ga bakin haɗi ɗaya na sauya tap da ya ƙone, domin zagayen waya da suka haɗe rage juriya suke yi, kuma ba sa zaɓen mataki. Abin da ke damuna shi ne zagaye ɗaya tak cikin ɗaruruwa zai iya ɓuya a cikin 0.5%.

Shin auna karan ɗin maganaɗisu, bayan cire ragowar maganaɗisun da gwajin DC ya bari, ya isa ya kawar da wannan shakka kafin mu zubar da man sauya tap mu buɗe? Na gode.